Awa Ɗaya a Kan Bencin Badaru

A Birnin Ƙonni, in ka ce wa mutum ku haɗu bayan la'asar, ka gama magana. Rabi'u ne kaɗai ba a yi wa haka. Sai ya tsare ka da ido ya ce, "Bayan la'asar ƙarhe nawa?" Shi ya sa abokansa suka raɗa masa Malam Kalanda, shi kuwa maimakon ya ji haushi, har wani buɗe kafaɗa yake yi in an kira shi.

A da malamin Faransanci ne a kwaleji. A ƙarshen daminar 2006 ya ajiye alli, ya sayi wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka shigo da ita daga Turai, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ya kama kusurwa ɗaya a shagon intanet na Badaru kusa da tasha. Aikinsa tafinta. Masu ba shi aiki kuwa ko ɗaya bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba. Akwai wata malamar jami'a a Kanada mai bincike kan noman albasa, sannan tun watan Nuwamba akwai wata ƙungiya a Beljik mai nemo wa asibitoci da lauyoyi tafinta in suka gamu da Bahaushen da bai jin yarensu.

Duk alfaharin Rabi'u yana kan kalandar da ke cikin manhajar wasiƙarsa. Malamar Kanada za ta aiko da gayyata ta ce ƙarfe tara na safe, ya latsa ya amsa, sai ga ta ta zauna a kalandarsa a kan ƙarfe uku na rana, lokacin Ƙonni, ba sai ya ƙirga da yatsu ba. Na Beljik ma bai taɓa ba shi wahala ba, don duk sanyin nan agogonsu da na Nijar ɗaya ne. Da ya ga haka sai ya kafa wa kowa doka: kada a rubuta masa lokaci a cikin wasiƙa, a aiko da gayyata kawai. Lokaci biyu, in ji shi, shi ke rikita mutum. Wata biyar bai makara ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda bai ba labari ba, har mai shayin bakin tasha.

A tsakiyar watan Maris wata ma'aikaciyar asibiti a Beljik, Madam Kilara, ta rubuto masa. Suna da majinyaci mai suna Mumuni, ɗan wata ruga a yankin Alela, shekararsa tara a can yana aikin wankin motoci. Zuciyarsa ce ta lalace. Za a yi masa aiki, kuma likitoci ba su ɓoye masa ba, aikin mai hatsari ne. Abu ɗaya ya roƙa kafin a shiga da shi: ya ga fuskar mahaifiyarsa, ita ma ta ga tasa.

Rabi'u ya hau babur ya tafi neman rugar. Ya sami tsohuwar, Inna Kaltume, tana wanke ƙwarya a gindin wata aduwa. 'Yar siririya ce, kunnenta ya yi nauyi ƙwarai. Ƙanin mijinta marigayi, Baffa Jaje, shi ya riƙa maimaita mata maganar da ƙarfi a gefen kunne. Sau uku a shekara taran nan aka kai ta Ƙonni don ta yi waya da ɗan, sau ukun kuma ta dawo da kuka, don ba ta jin komai sai ƙara.

"Wanga karon ba ji za ki yi ba, Inna, gani za ki yi," in ji Rabi'u. "Shina kallonki, kina kallon shi, kamar ta taga."

Ta ajiye ƙwaryar. "Har yaushe za su bar mu?"

"Minti arba'in."

"Ban san minti ba, ɗana. Kamar mi ke nan?"

Jaje ne ya ceci Rabi'u. "Kamar ki tatsi shanu biyar."

"To, ya isa," ta ce. "Ya isa in gane shi da kyau."

Ranar Litinin, ashirin da shida ga wata, Rabi'u ya kunna kwamfuta da safe sai ya ga agogonta ya nuna ƙarfe tara, alhali na hannunsa da na bangon Badaru suna kan takwas. Ya yi tsaki. Tsohuwar na'ura ai sai da haƙuri. Ya latsa agogon sau biyu, ya mayar da shi baya da awa ɗaya, ya shiga aikinsa. Ko minti ɗaya abin bai ɗauke shi ba. Da hantsi gayyatar Madam Kilara ta iso, babu ko kalmar lokaci a jikin wasiƙar, kamar yadda shi ya koya mata. Ya amsa, ta zauna a kalanda: Laraba, ƙarfe goma na safe. Ya aika wa Jaje ta hannun wani mai kai nono kasuwa.

Daren Talata aka ɗauke wuta a garin, kamar yadda aka saba in zafi ya kankama. Rabi'u bai damu ba. Da asuba ya kai wayarsa wurin mai caji a bakin kasuwa, don ta mutu tun dare, sannan ya tsaya wurin Badaru ya ce masa ya tada janareto goma saura kwata. Man fetur ba ruwan rijiya ba ne, kuma Badaru mutum ne da in injinsa ya yi minti biyar a banza sai ka ji labarin har mako.

Ƙarfe bakwai da rabi ya tarar da Inna Kaltume da Jaje a ƙofar shagon. Tun da duhu suka baro ruga. Inna Kaltume ta sha sabon zane baƙi mai ratsin shuɗi, ta sa kwalli, ta ɗaura 'yan kunnen azurfar da ta yi shekaru ba ta taɓa ba. Tana rungume da ƙaramar ƙwarya an rufe ta da faifai.

"Inna, wanga nono hwa? Ba shi shiga ta cikin na'ura," in ji Rabi'u yana dariya.

"Na sani. Shi dai gani. Na jikar saniyar da ya bari ce."

Ya shimfiɗa mata buhu a kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa, ya sayo mata koko da ƙosai. Ta ce ba ta jin yunwa. Ya nace. Ya ce yau idon ɗanta zai faɗa kanta, kada ya ga ta rame ya shiga ɗakin aiki da damuwa. Da wannan ya ci galabarta, ta karɓi ledar ta ajiye a cinya.

Rana ta ɗaga. Motocin siminti na Malbaza suna wucewa suna girgiza rumfar. Jaje ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Ita kuwa tsohuwar idonta na kan ƙofar shagon, inda kwamfutar take zaune a kan tebur, an ɗaura mata ɗan idon ɗaukar hoto a ka, fuskar na'urar baƙa ƙirin.

Ƙarfe tara saura kaɗan ta kira shi.

"Ɗana, ba ka tada injin mu gani? Ko shina can."

"Da saura, Inna."

"Raina ya ba ni shina can."

Rabi'u ya durƙusa gabanta, ya nuna mata agogon hannunsa, ya yi mata bayani a hankali da murya sama, irin yadda yake yi wa 'yan aji. Anasara ba su zuwa kafin lokaci, ba su zuwa bayan lokaci. In an ce goma, goma ce. Na'urar nan ita ke lissafa tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Badaru daga ciki ya ɗaga murya ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Inna, Malam Kalanda gare ki. Wanga ko mutuwa ta zo sai ta nuna mishi randebu, takardar alƙawarin lokaci." Aka yi dariya, har Jaje da ya farka. Tsohuwar ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga ana dariya, sai ta ji kunya, ta sunkuyar da kai ta kwance ledar ƙosan.

A daidai wannan lokacin ƙarfe goma ya buga a Beljik.

Abin da ya faru ba wani abu ne mai zurfi ba, shi ne ma abin takaicin. Kwamfutar nan tun da aka shigo da ita tana kan yankin lokacin Turai, kuma ba wanda ya taɓa dubawa, tunda duk sanyi lokacin ɗaya ne da namu. Ranar Lahadi Turawa suka tura agogonsu gaba da awa ɗaya kamar yadda suke yi duk shekara, ita ma ta bi su, don a ganinta a can take. Rabi'u ya murɗe hannun agogon ya bar yankin yadda yake. Saboda haka goman da kalanda ta nuna masa goman Beljik ce, wadda a Ƙonni tara ce. Ba wai bai san Turawa na canza agogo ba. Ya sani sarai, ya ma taɓa koyar da shi a aji. Ya dai bar wa na'ura ne, na'urar kuwa ta yi lissafinta daidai, don mutumin da ke zaune a Turai.

Awar nan ta tafi a hankali. Inna Kaltume ta ci ƙosai uku, ta wanke hannu da ruwan buta, ta goge baki da kyau. Ta tambayi Jaje ko kwallinta ya zube. Ta gyara ɗankwali sau biyu. Rabi'u ya zauna gefenta yana koya mata inda za ta kalla, ba fuskar na'urar ba, ɗan idon da ke sama. Har ya tashi ya goge kujerar da za ta zauna.

Goma saura kwata cif Badaru ya ja igiyar janareto. Na'urar tauraron ɗan'adam mai kawo intanet ta ɗauki 'yan mintocinta kafin fitilunta su tsaya. Rabi'u ya shigo da tsohuwar, ya zaunar da ita, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Ya buɗe akwatin wasiƙa, sai ga saƙo huɗu sun faɗo a jere, duk daga Madam Kilara.

Lokutan da ke jikinsu ya fara gani. Goma da minti biyar. Goma da kwata. Goma da rabi. Goma da arba'in da biyu. Ya kalli kusurwar na'urar, goma saura takwas. Wasiƙu daga lokacin da bai yi ba tukuna. Nan take ya gane akwai matsala, tun kafin ya karanta ko layi ɗaya.

Na farko ya ce sun shirya, suna jira. Na biyu ya ce ta buga wayarsa a kashe. Na uku ya ce ta roƙi likita ya ƙara musu minti goma. Na ƙarshe gajere ne: sun zo ɗaukarsa.

Ya kira. Ta ɗauka nan da nan, fuskar Madam Kilara, mace mai furfura, ta fito, bayanta gado babu kowa a kai, an yaye zanin.

"Rabi'u, ina ka shiga? Minti goma ke nan da suka fita da shi."

"Kalandata goma ta nuna."

"Goma, e. Yanzu sha ɗaya saura a nan. Mun canza agogo ran Lahadi." Sannan ta ce, "Mahaifiyar ce wannan?"

Inna Kaltume ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ba matar take kallo ba, gadon take kallo. Ta ɗaga ƙwaryar sama kaɗan, ta riƙe ta a nan, tana jira wani ya shigo.

"Ina shi?" ta ce.

Tafinta ne, fassara ce sana'arsa, amma da ƙyar ya ce an riga an shiga da shi. Jaje ya sunkuya ya faɗa mata a kunne, sannan ya ƙara da nasa: "Anasara sun yi gaggawa, sun ɗauke shi da wuri." Rabi'u ya ji, ya kuma yi shiru. Wannan shirun ya fi komai ci masa rai daga baya.

Bayan an fita da ita rumfa, ya latsa agogon ya shiga shafin da bai taɓa buɗewa ba. Ga shi nan a rubuce, sunayen biranen Turai a jere, ƙarƙashinsu ɗan akwati mai alamar amincewa a canza agogo da kansa. Layi kaɗan a ƙasa ga na Afirka ta yamma. Ya zaɓe shi, ya sake daidaita agogon. Yana kallo gayyatar ta zame daga goma ta koma tara. Latsawa uku. Da ya je karɓar wayarsa ya kunna, saƙonnin kamfani suka shigo, an neme shi sau bakwai.

Ya kai tsohuwar gidansa, don ta ce ba ta komawa sai ɗanta ya farka. Matarsa Shafa'atu ta ba ta ɗaki. Nonon ya kwana biyu a ƙwarya, ba ta bari an taɓa ba. Rabi'u ya rubuta wa malamar Kanada ya ɗage aikinsu, ya tare a shagon Badaru yana latsa akwatin wasiƙa duk bayan minti biyar. Badaru ya bar janareto yana ta ci, bai yi ƙorafin mai ba. An gama aikin ranar Laraba da yamma, in ji Madam Kilara, amma bai farfaɗo ba. Alhamis ma haka. Rabi'u ya yi addu'ar da bai taɓa yin irinta ba, kuma ya sani a ransa rabinta don kansa yake yi.

Juma'a da safe saƙon ya zo. Mumuni ya cika da asuba, bai buɗe ido ba. 'Yan'uwa Musulmi na garin za su yi masa sutura. A ƙasa ta ƙara 'yan layuka. Ta ce ranar Laraba ya sa an ɗaga masa gado, ya roƙi a aske masa gemu, ya sa wata hula da ya daɗe yana ajiya. Da jiran ya yi tsawo sai ta ɗauke shi hoto da idon na'urar, don in an ga dama a ba uwar. Ga shi ta haɗo.

Rabi'u ya buga hoton a takarda mai kauri. Ya kira Jaje gefe ya faɗa masa, suka shiga gidan tare. Tsohuwar tana zaune a tabarma a tsakar gida. Tana ganin yadda suka cire takalmi ta gane. Ta yi salati, ta maimaita, hawaye na bin kwarin fuskarta ba tare da sauti ba. Shafa'atu ce ma ta fashe da kuka a bakin madafa.

Da aka ɗan natsu ya miƙa mata takardar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta nisanta ta, ta kusanto da ita. Wani mutum ne mai faɗin goshi, ya rame, an sa masa bututu a hanci, da hula a kansa ta ɗan karkace. Idonsa biyu suna kallon mai kallonsa kai tsaye.

"Goshin ubansa," ta ce. "Hular ga ni na saya mishi a kasuwar Illela." Ta shafa takardar da babban yatsa. "Wa shika kallo haka?"

"Ke, Inna. Ke shika jira."

"An ce sun ɗauke shi da wuri."

Jaje ya buɗe baki, Rabi'u ya ɗaga masa hannu. Ya matso kusa da kunnenta, don irin wannan maganar ba a son a faɗe ta sau biyu, kuma dole ya ɗaga murya har maƙwabta su ji.

"Ba su ɗauke shi da wuri ba, Inna. Ni na ɓata lissahi. Lokacin da kinka ce in tada inji, shina can."

Ba ta kalle shi ba, hoton take kallo.

"Ni ina nike sa'annan?"

"Kina bisa bencin Badaru. Kina cin ƙosan da na sawo miki."

Ta gyaɗa kai a hankali. Rabi'u ya so ta zage shi, ya so ta ɗaga hannu ta yi masa baki, ko Jaje ya kai masa sanda. Ba wanda ya yi. Kaji na ta tsattsagar ƙasa a gefen tabarma.

"Ya jima shina jira?" ta ce.

Minti arba'in da biyu ne, yana da shi a rubuce har da daƙiƙa.

"Kamar ki tatsi shanu biyar, Inna."

Ta rufe ido. Leɓɓanta suka ɗan motsa, yatsun hannunta na dama suna buɗewa suna rufewa a kan cinya, ya gane tatsar take yi a ranta, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya katse ta. Da ta buɗe ido sai ta naɗe hoton a gefen zaninta, ta ɗaure.

"Ya jima," ta ce. "Tun shina yaro ba shi da haƙurin jira."

Ta dafa kafaɗar Jaje ta miƙe, ta ce wa Shafa'atu ta zubar da nonon, ya lalace.